Jerin kalolin zare daga mai haske zuwa mai duhu

Salamu alaikum 'yan ajin ɗinki. Ga jerin da za ku bi ranar Asabar wajen shirya zare a kan kantar nan mai hawa 5, don Allah kowa ta kwafa a littafinta saboda na gaji da jin "miƙo min wancan mai kama da wancan". Kowane layi ana farawa da mai haske a ƙare da mai duhu.

Hawa na 1, fari zuwa baƙi. Fari fat ne a farko, wasu su ce fari tas ko fari sol ko fari ƙal, duk dai farin da ba surki suke nufi. Sai ruwan madara, wanda ya ɗan karkata wajen rawaya, in kin ajiye shi shi kaɗai za ki rantse fari ne sai kin kara shi da fari fat sannan ki ga bambanci. Daga nan ruwan azurfa, ruwan toka mai haske, ruwan siminti, ruwan toka mai duhu, ruwan gawayi, sai baƙi. Baƙin ma akwai baƙi-baƙi wanda ya ɗan koɗe, akwai baƙi ƙirin, baƙi wuluk, baƙi siɗik, waɗannan ukun su ne ƙarshen layi.

Hawa na 2, rawaya zuwa ruwan ƙasa. Rawaya-rawaya mai haske, rawaya, ruwan ɗorawa, ruwan ƙwai wanda ya fi cizawa kaɗan, ruwan gwal, ruwan lemo, ruwan goro, ruwan zuma, ruwan ƙasa, sai ruwan makuba a can ƙarshe. A nan aka fi rikicewa, ruwan lemo ya fi haske da ɗaukar ido, shi kuwa ruwan goro ya fi turuwa ya ja wajen ja, kar ku haɗa su a gurbi ɗaya ko da kwastoma ta kira su duka oranj.

Hawa na 3, dangin ja. Ruwan hoda mai haske, ruwan hoda mai cizawa, ja-ja, ja wur ko ja zur, mulufi, ruwan jini, ruwan hanta wanda yaran yanzu ke ce wa marun. Mulufi asalinsa sunan wani jan yadi ne, tsofaffi ne suka fi amfani da shi kuma in sun faɗa ja mai kyau mai ƙarfi suke nufi. Shunayya ma a nan za ku sa ta, mai haske tukuna sannan mai duhu, duk da dai rabinta ja ne rabinta shuɗi, ba mu da hawa na 6 ne kawai.

Hawa na 4, kore. Tsanwa, kore shar, ruwan ganye, kore mai duhu irin na kwalba. Ga algashi kuma, wannan sunan sai da hattara, wani in ya ce algashi kore yake nufi wani kuma shunayya, to duk wadda ta zo ta ce algashi take so ku nuna mata zaren biyu ta taɓa da hannunta kafin a saka almakashi a yadi.

Hawa na 5, shuɗi. Ruwan sararin samaniya, ruwan omo, ruwan bula, shuɗi, sai ruwan baba mai turuwa wanda ake ce wa nebi bulu, shi da baƙi da daddare ba mai raba su.

Abin da nake so ku riƙe shi ne haske daban kala daban. Rawaya ko ta ciza ta fi shuɗi da shunayya haske, shi ya sa ba a gwada layi da layi, a cikin danginsa ake jera kowane zare. In biyu sun gagare ki, ki jera su gefe da gefe ki ɗan runtse ido, ko ki ɗauki hotonsu da waya ki mayar da shi fari da baƙi, nan take mai duhun zai fito. Kuma a bakin taga za ku yi wannan aikin da rana, hasken ƙwan lantarki yana canja kala, musamman ruwan madara da ruwan hanta. Zaren da ke sheƙi shi ma yana ruɗi, ki warware silin ɗaya ki kwantar a kan yadin, domin a dunƙule ya fi duhu a ido.

Maryam da Hauwa ku rubuta sunayen a kan farin tef da baƙin biro ku manna a gaban kowane gurbi, sauran kuma ku zo da tsumma don goge kantar, ƙarfe 10 za mu fara.