Tambayoyin da nake zaton za a yi miki ranar kare kundi

Ƙanwata, na bi silaid ɗinki 14 ɗaya bayan ɗaya, na zauna a matsayin malamin da zai zo daga waje, wanda bai san wahalar da kika sha ba, abin da ke kan allo kaɗai yake gani. Ki amsa kowace da baki, a tsaye, ba tare da kin leƙa kundi ba.

Silaid na 1 zuwa na 3, take da matsalar bincike

1. A jimla biyu, me kika bincika, me kika gano?
2. Takenki ya ce "amfani da waya da dare". Daren daga ƙarfe nawa? Wanda ya kwanta yana sauraron karatu da wanda ke kallon bidiyo, duk ɗaya kika ɗauke su?
3. An sha yin bincike kan waya da barcin ɗalibai. Wane giɓi naki ya cike?

Silaid na 6, ma'aunin barci

4. Me ya sa kika zaɓi PSQI, kuma me yake aunawa?

Wannan ki haddace ta: Buysse da abokan aikinsa a Jami'ar Pittsburgh suka fitar da shi a 1989, yana tambaya kan barcin wata guda da ya wuce, ɓangarori 7 ne, makin daga 0 zuwa 21, wanda ya haura 5 ana ɗaukarsa mai ƙarancin ingancin barci.

5. Wata guda yake aunawa. Watan da kika tura fom ɗin, lokacin jarrabawa ne ko tsakiyar zango?
6. Tambayoyin waya ke kika tsara su. Wa ya tantance su, kuma nawa Cronbach's alpha ya ba ki a gwajin farko? Me ya sa ake yawan kafa iyaka a 0.7?

Silaid na 7, yawan waɗanda aka tambaya

7. Daga ina 384 ta fito? Zo ki lissafa mana a allo.

Kada ki ce "haka ake yi". Lissafin Cochran ne, n = Z²pq/e², da Z = 1.96, p = 0.5, q = 0.5, e = 0.05. Za su iya ƙara tambayar me ya sa p = 0.5: saboda shi ke ba da adadi mafi girma idan ba a san yawan masu matsalar ba.

8. Lissafin nan na zaɓen da kowa ke da dama daidai ne. Ke kuwa a zaurukan WhatsApp na aji kika tura fom. Ba masu manne wa waya ne suka fi amsa miki ba?
9. Kin nemi 384, kin samu 351. Sauran 33 fa?

Ta 8 ta tsaya mini a rai. Kada ki yi musu. Ki amsa cewa gaskiya ne, ki nuna inda kika ambace ta cikin iyakokin bincike. Idan ba ta can, ki saka ta yau.

Silaid na 9 da na 10, sakamako

10. Me p-value na 0.03 ke nufi, da bakinki?
11. A jadawalin chi-square, layin masu amfani da waya ƙasa da minti 30 mutum kaɗan ne. Kin duba ko akwai gurbin da adadin da ake tsammani bai kai 5 ba? Idan akwai, me kika yi?

Silaid na 11

12. Kin rubuta cewa waya "tana haddasa" rashin barci. Sau nawa kika auna kowane ɗalibi?
13. To ta yaya kika san ba rashin barcin ne ke sa shi ɗaukar waya ba?
14. Shan kofi, damuwa, hayaniyar ɗakin kwana: wanne kika cire tasirinsa?

Nan ne ramin, kuma ina roƙonki ki cike shi kafin ranar. Sau ɗaya kika auna su, don haka alaƙa kika gano, ba sanadi ba. Ɗalibar da ta juya a katifa har ƙarfe biyu, ta gaji ta lalubo waya a ƙarƙashin matashi, a jadawalinki tana layi ɗaya da wadda wayar ce ta hana ta runtsawa. Aikinki mai kyau ne, ban so kalma ɗaya ta cinye miki rabin lokacin tambayoyi. Ki mayar da ita "tana da alaƙa da", a silaid da kuma babi na biyar.

Silaid na 12 zuwa na 14

15. Wa zai aiwatar da shawarwarinki, kuma wane sakamako ne ya haifi kowace?
16. Ta yaya kika nemi yardar ɗaliban, ina kika adana amsoshinsu?
17. Da za ki sake daga farko, me za ki canza?

Ki gyara silaid na 11 ki turo mini. Ranar Laraba da yamma mu zauna in yi miki su a hargitse, zan fara da ta 13.