Littattafan falsafa da za ki fara da su, Yaya

Yaya, ga jerin da kika ce in rubuto miki. Don Allah ki bi su yadda na jero, ni da na fara wani littafin Kant na 1781 na saya da kuɗin alawus ɗina, shafi goma ban kai ba na ajiye shi, na yi shekara biyu ina ganin falsafa ba tawa ba ce.

Ki fara da Sophie's World na Jostein Gaarder, ɗan Norway, ya fito 1991. Labari ne kawai, wata yarinya 'yar shekara 14 ake ajiye mata wasiƙu a akwatin gidansu, ta farko tambaya ɗaya ce, ke wace ce. A haka zai zagaya da ke daga Girkawa har zamanin nan ba ki ma ankara ba. Yana da kauri amma zai karantu ko kina aikin dare a asibiti.

Sai What Does It All Mean? na Thomas Nagel, 1987, ɗan siriri ne, shafi ɗari da 'yan kai. Ba ya cika ki da sunaye, tambayoyi ne zalla, kamar ta yaya kika san ɗanɗanon da kike ji shi nake ji in mun ci abu ɗaya.

Na uku shi na fi so wallahi, Hayy ibn Yaqzan na Ibn Tufail, mutumin Andalus da ya rasu 1185. Jariri ne a tsibiri shi kaɗai, barewa ta shayar da shi, da ta mutu sai ya buɗe ƙirjinta yana neman abin da ya fita ya bar ta a kwance, daga nan tunani ya yi ta jan sa har ya gane akwai Mahalicci ba malami ba littafi. Tunda kin yi Islamiyya ki gwada na Larabcin, akwai fassarar Turanci in ya yi tsauri.

Daga nan Apology na Aflatun, jawabin Sukrat ne gaban kotun Atina a 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zama ɗaya kin gama.

Yanzu hanya ta fara hawa. Al-Munqidh min al-Dalal na Imamu Ghazali, inda ya faɗi yadda shakka ta kama shi kusan wata biyu har bai yarda da idonsa ba, ki bi shi da Meditations na Descartes, 1641, za ki ga dukansu sun kawo maganar mafarki. Na Descartes kashi shida ne, ɗaya a sati ya isa, biro a hannu.

Na ƙarshe The Problems of Philosophy na Bertrand Russell, 1912. Da teburin gabansa ya fara, kamar wasa, amma tsakiyarsa sai kin maimaita shafi sau uku. Na Gaarder da na Nagel suna wajena, zan ba Umma ta taho miki da su ran Juma'a.