Tambaya ta 3: Gwajin Faɗuwar Darajar Injin Casar Shinkafa (Maki 20)

Wani kamfanin casar shinkafa da ke kan hanyar Dadin Kowa a Gombe ya sayi inji kan naira miliyan 90 ranar 1 ga Janairu, 2021. An yi kiyasin zai yi shekara 10 yana aiki ba tare da ya bar wata daraja ba, ana kuma cire ragin tsufa daidai-wa-daida kowace shekara.

A 2024 al'amura suka canza. Shanshera ta yi tsada, wasu masu casa suka kafa sababbin injina masu fitar da tsakuwa da baƙar ƙwaya, 'yan kasuwa suka koma can. Injiniya ya duba ya ce shekara 4 kawai suka rage wa injin. Akantan kamfanin ya ga alamar faɗuwar daraja, don haka dole a yi gwaji bisa ƙa'idar IAS 36 ranar 31 ga Disamba, 2024.

Idan aka ci gaba da aiki da shi yadda yake, tsabar kuɗin da zai kawo bayan cire ɗawainiya su ne miliyan 15 a 2025, miliyan 14 a 2026, miliyan 12 a 2027, miliyan 10 a 2028. A ƙarshen 2028 'yan gwangwan za su saye shi miliyan 4. Kason ragi kafin haraji 20% ne, alƙalumansa kuwa 0.833, 0.694, 0.579 da 0.482. Manaja yana da burin ƙara wa injin na'urar tace launi a 2026, wadda ya ce za ta ƙara miliyan 5 a shekara.

Idan kuwa sayarwa za a yi, farashinsa na adalci a kasuwa miliyan 41 ne. Dillali zai karɓi la'ada 5%, kwance injin zai ci miliyan 1.5, lauya zai karɓi naira 450,000. Akwai kuma kuɗin ruwa miliyan 3 da banki ke bin kamfanin.

Abin da ake buƙata:

(a) Fitar da darajar injin a littafi kafin gwaji. (Maki 2)

(b) Lissafa darajar amfani, ka faɗi matsayin na'urar da manaja ke buri, da hujja. (Maki 7)

(c) Lissafa farashin adalci bayan cire kuɗin sayarwa. Duba kowane kashi da kyau, ba duk abin da kamfani zai biya ne kuɗin sayarwa ba. (Maki 4)

(d) Wanne ne cikin biyun adadin da za a iya maidowa, kuma me ya sa? Fitar da asarar, ka nuna yadda za a shigar da ita littafi. (Maki 5)

(e) Nawa ne ragin tsufa na 2025? (Maki 2)

A nuna kowane mataki na lissafi. Tazarar da ke tsakanin (b) da (c) kaɗan ce, kashi ɗaya da aka saka ba a muhallinsa ba ya isa ya juya amsar (d).