Malam, a Wane Layi Makina Huɗu Suka Zube?

Talata, 11 ga Fabrairu, 2025

Assalamu alaikum Malam,

Barka da aiki, ya ƙoƙari da mu? Allah ya saka da alheri. Ni ce Rabi'atu ta aji SS2B, mai zama a layi na uku gefen taga. Jiya bayan ka raba mana takardun gwajin lissafi na so in tsaya in yi maka magana, sai na ga yara sun yi maka ca a bakin ƙofa, kuma ga malamin darasi na gaba ya iso. Ni kuma in mutane suka yi yawa bakina nauyi yake yi, shi ya sa na ga gara in rubuta. Na haɗo da takardar gwajin don ka gani da idonka.

Maganar a kan tambaya ta huɗu ce, ta girman cikin kon, wato siffar nan mai kama da mazurari. Maki goma ne a kanta, na sami shida. Ba don a ƙara mini maki na rubuto ba, Malam. Abin da ya dame ni shi ne ban san inda huɗun suka zube ba. Jan biro wuri biyu kawai ya taɓa: alamar tambaya a gefen layi na biyu, da zagaye a kan amsar ƙarshe. Babu kalma ko ɗaya. Daren jiya na zauna da takardar tun bayan isha har Umma ta leƙo ta ce in kashe fitila, ban gano ba.

Ga tambayar yadda na kwafe ta daga allo: faɗin gindin kon daga baki zuwa baki santimita 14 ne, tsawon gefensa na karkace santimita 25, a nemo girman cikinsa. Ga kuma aikina layi-layi, ban gyara komai ba:

r = 14 ÷ 2 = 7 cm
h = 24
V = ⅓πr²h
V = ⅓ × π × 49 × 24 = 392π
V = 1231.5 cm³

Na san tarkon da ke cikin tambayar, kuma ban faɗa ba. Wannan 25 ɗin ba shi ne tsayi ba. Ka taɓa kwatanta mana da jinkar ɗaki, ka ce tsawon da ciyawa take kwantawa daga tsini zuwa baki daban, tsayin da za a auna da a ce an saki igiya daga tsini ta sauka a tsakiya daban, kuma na biyun ne fomula take so. Wannan misalin ya zauna mini, domin a ƙauyen kakanmu har yanzu akwai rumbuna masu jinka, ina rufe ido nake ganinsu. Wasu a ajinmu 25 suka saka a gurbin h, suka sami 1283.3. Ni ban yi haka ba.

To, zato na farko da nake yi shi ne layi na biyu, inda ka sa alamar tambaya. Gaskiya ban nuna yadda 24 ya zo ba. Da na ga 7 da 25 sai na tuna lambobin nan uku masu tafiya tare da muka rubuta a bayan littafi a zangon da ya wuce, irin su 3, 4, 5 da 5, 12, 13 da 7, 24, 25, sai kawai na rubuta 24 na wuce, saboda lokaci ya ƙure kuma tambaya ta biyar tana jirana. Ba leƙen takardar kowa na yi ba, Malam, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai, kada alamar tambayar tana nufin ka yi zaton haka. Ga yadda ya kamata in rubuta da dokar Fitagoras:

h² = 25² − 7² = 625 − 49 = 576
h = √576 = 24 cm

Idan nan ne makin ya tafi, nawa ne ya tafi? Kuma ina son in sani, ko da mutum ya san amsar da ka, dole ne ya rubuta matakan? Da na rubuta a gefe cewa 7, 24, 25 suna cika dokar, da hakan ya wadatar, ko sai an ga 625 da 49 da 576 ɗin ƙiri-ƙiri? Yayana da ya rubuta WAEC shekara biyu da suka wuce ya ce mini masu duba takarda suna raba maki gida biyu, na hanya da na amsa, kuma wanda ya tsallake hanya zai iya rasa maki ko amsarsa daidai ce. Idan da irin wannan ma'aunin ka duba namu, na fahimta, amma ina so in ji daga bakinka, domin har yanzu ni a tunanina saurin gane abu ba laifi ba ne.

Zato na biyu shi ne amsar ƙarshe da ka zagaye. Da na tambayi waɗanda suka ci tambayar duka, 1232 suka samu, ni kuwa 1231.5. Na bi sawu na gano bambancin daga π yake. Su 22/7 suka saka, sai bakwai ta cinye ɗaya daga bakwai biyun da ke cikin 49, aka bar 22 × 7 × 8, ya ba da 1232 cif ba ragowa. Ni kuma maɓallin π na kalkuleta na danna.

A nan akwai abin da ya kamata in faɗa da kaina. Da na duba takardar wata ƙawata, sai na ga a ƙarshen tambayar ta kwafi cewa a ɗauki π a matsayin 22/7. A tawa babu wannan layin. Ranar Alhamis ɗin da muka yi gwajin hazo ya yi yawa, hasken taga yana faɗowa a kan ɓangaren dama na allo, alli kuma ba ya kamawa sosai a can ƙasa inda fentin ya koɗe. Ina jin a nan ka rubuta shi ni kuma ban gani ba. Da na ɗaga hannu na tambaya da ba a yi haka ba, wannan kam sakacina ne.

Duk da haka akwai abin da yake ɗaure mini kai, kuma don Allah kada ka ɗauke shi gardama. Kai ka koya mana cewa 22/7 ba shi ne π na ainihi ba, kusa da shi ne kawai. Idan aka raba 22 da 7 ana samun 3.142857, shi kuwa π yana farawa da 3.141592 ya ci gaba ba ya ƙarewa. Ke nan 1231.5 ya fi 1232 kusa da ainihin abin da kon ɗin zai ci. Tazarar da ke tsakaninsu ma rabin mililita ce, wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙaramin cokalin shayi. Kuma da na mayar da amsata cikakkiyar lamba, kalkuleta ta nuna 1231.504, wanda zai koma 1232 ɗin dai. To a idon mai duba takarda, amsata kuskure ce gaba ɗaya, ko kuwa rashin bin umarni ne ake cire wa maki ɗaya? Sannan idan tambaya ba ta faɗi wanda za a ɗauka ba, wanne ya fi, 22/7 ko 3.142 ko maɓallin kalkuleta? Na lura duk lokacin da r ya zo 7 ko 14 ko 21 kamar da gangan ake shirya shi don 22/7. Ko in riƙa ɗaukar hakan a matsayin alama?

Sauran ƙananan abubuwa biyu ne. Ban zana hoton kon ɗin ba, kuma ban sa cm a bayan 24 ba. Ban sani ba ko su ma suna da maki.

Abin da ya sa na kasa barin maganar ta wuce shi ne takardar ƙawar tawa, ba zan ambaci sunanta ba domin ba ƙararta na kawo ba, kuma da izininta na duba. Ta zana hoto, ta jera matakan Fitagoras, ta saka 22/7, sai a ninkawar ƙarshe hannunta ya goce ta rubuta 1132. Amsarta ta yi nesa da ta gaskiya da ɗari cif, ta sami takwas. Tawa ta kauce da rabi, na sami shida. Na yi mata murna har zuciyata, aikinta ya fi nawa tsabta nesa ba kusa ba. Amma da na ajiye takardun biyu gefe da gefe sai na gane akwai wani abu da ake aunawa wanda ni ban san ana auna shi ba, kuma baɗi mu ne a zauren WAEC da NECO, inda babu wanda zan rubuta wa takarda in tambaya.

Kuma Malam, wannan darasin ina sonsa, shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Ranar da ka ce kon yana cin kashi ɗaya cikin uku na silinda mai faɗi da tsayi irin nasa, ban gamsu ba, a idona kamar rabi ne. Da na koma gida na ɗauki gwangwanin madara da aka yanke wa baki, na naɗe kwali na yi mazurari daidai bakinsa da tsayinsa, na liƙe da salatif, na roƙi Umma gero kaɗan. Cikin mazurari ɗaya, biyu, na uku yana shiga gwangwanin ya cika har baki, saura 'yan ƙwayoyi da suka zube a tabarma. Ƙanena Sadiku ya ce sai shi ma ya gwada, ya yi sau biyu. Tun ranar ban sake manta ⅓ ɗin nan ba, kuma a gwajin ma shi na fara rubutawa a gefen takarda kafin komai.

Roƙona shi ne, idan ka sami sarari, ka rubuta mini a gefen kowane layi makin da yake ɗauke da shi da wanda na samu, ko da lambobi ne kawai. A bayan wannan takardar na sake yin tambayar daga farko, da hoto da matakai da 22/7, don ka duba ko haka ake so ta kasance. Na kuma gwada wata da na ƙirƙira da kaina, mai faɗin gindi santimita 42 da gefe 35, na sami tsayi 28 da girman ciki 12936 cm³. Don Allah ita ma ka duba mini. Idan ya fi maka sauƙi mu yi magana baki da baki, zan iya zuwa ofishin malamai ranar Alhamis lokacin tara, tare da ƙawar tawa, don ita ma tana da tambaya a kan ta biyar.

Idan akwai kalmar da ta yi kaifi a cikin abin da na rubuta, ka yafe mini, ba da niyya ba ne. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira, a gaida iyali.

Ɗalibarka,
Rabi'atu
SS2B