Roƙon Ɗage Ranar Kama Aiki

Zuwa ga Shugabar Sashen Ma'aikata,

Assalamu alaikum, Hajiya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karɓi takardar ɗaukata aiki a matsayin akanta, wadda ta nuna in kama aiki ranar 2 ga Maris. Na gode ƙwarai, kuma ina nan kan amincewata.

Sai dai likita ya sa ranar 24 ga Fabrairu domin a yi mini tiyatar gwaiwa. Na nemi a matso da ita kusa, amma babu gurbi, kuma ya ce jinkirtawa na da haɗari, domin hanji na iya maƙalewa har abin ya koma na gaggawa. Bayan an sallame ni, za a duba ɗinkin cikin kwana goma, sannan an hana ni ɗaga kaya mai nauyi da doguwar tafiyar mota har mako huɗu. Ga shi daga Zariya zan taso da kayana zuwa Kano.

Don haka nake roƙon a ɗage mini zuwa Litinin, 30 ga Maris. Gara in fara da cikakkiyar lafiya da in riƙa neman izini tun makon farko. Ba na neman albashin waɗannan makonni.

Na haɗo da takardar likita. Fom-fom na sababbin ma'aikata kuwa, zan iya cika su daga gida. Idan an amince, ina roƙon a sanar da ni a rubuce kafin 20 ga Fabrairu.

Naki cikin girmamawa,
Sani Abubakar