Darasin Alhamis na Ajin Manya: Koyar da Hausa da Waƙar "Ki Taho da Wuri"

Malama, ga darasin Alhamis ɗin nan na rubuta miki dalla-dalla, tunda ni zan tafi Gusau ɗaurin aure, sai Asabar zan dawo in Allah ya yarda. Ana shiga aji ƙarfe 4:30 bayan La'asar, a tashi ƙarfe 6:00. Ɗalibai 14 ne: mutum shida masu shaguna a Kasuwar Sabon Gari, ma'aikatan jinya mata biyu, 'yan bautar ƙasa uku, direban tanka ɗaya, sai wasu iyaye mata biyu masu sayar da abinci. Galibinsu Ibo ne da Yarabawa, direban kuma Batibi ne. Wasunsu sun fi shekara goma a Kano, suna ciniki da Hausa tiryan-tiryan, amma har yau mace suke ce wa "ka zo". Wannan ciwon nake son mu yi wa magani, shi ya sa na zaɓi waƙa.

Na gwada allo da alli a kan "ka" da "ki" har sau uku. Suna kwafa a littafi tsaf, suna cin jarrabawa, da an fita ƙofa kuma bakin ya koma gidan jiya. Ba laifinsu ba ne. Yarabanci da harshen Ibo ba sa bambanta namiji da mace a wakilin suna, Ingilishi ma bai bambanta su ga wanda ake yi wa magana. Mutumin da ya shekara 40 bai taɓa buƙatar wannan bambanci ba, jadawali ba zai dasa masa shi a harshe ba. Waƙoƙinmu na zamani kuwa, irin na finafinai da ake ji a kowace A Daidaita Sahu, yawanci namiji ne da mace suke yi wa juna amsa-amsa: shi yana ta "kin, ki, miki", ita tana ta "ka, maka". Darasin da muke wahala a kansa ga shi nan an shirya mana, har da kiɗa.

Waƙar ta wani yaro ce ƙanin tsohon ɗalibina, ya ɗauke ta a wani situdiyo da ke Titin Gidan Zu, kuma ya ba mu izini. Na tura miki ita a waya. Baitocin da za a yi aiki da su ke nan, kada ki wuce su:

Namiji:
Kin ce za ki zo, na jira ki,
Rana ta faɗi, ba ki zo ba,
Na kira waya, ba ki ɗauka ba,
Me na yi miki da kika guje ni?

Mace:
Ka ce in zo, kuma na taho,
Ruwa ya sauko, ya tare ni,
Ka daina kuka, masoyina,
Gobe da safe zan fito.

Amshi:
Ki taho da wuri, ki taho da wuri,
Zuciyata ba ta barci.

Kafin ki kunna komai, ki gaya musu dalilin kawo waƙar soyayya aji. Waɗannan ba yara ba ne, akwai mai jikoki a cikinsu. Ranar da na fara kawo waƙa ban yi bayani ba, babbar cikin iyayen nan ta naɗe hannu ta ce ita kuɗinta ta biya don ta koyi magana da masu ciniki, ba rawa ta zo ba. Ta fi ni gaskiya. Ki ce musu: "Yau za mu ari bakin mawaƙi na awa ɗaya, kafin mu tashi kowa zai mai da abin da ya ji zuwa shagonsa ko asibitinsa." Ki riƙa ce mata Mama, shi kuma dattijon mai kayan gyaran mota Baba. Wanda bai son rerawa ya faɗa da baki kawai, kada a matsa wa kowa.

Jin farko, minti 10. Babu takarda, babu biro. Ki kunna sau ɗaya ki yi tambaya uku: mutum nawa ne suke magana? Wa ya yi fushi? Me ya hana ta zuwa? Ko da kalma ɗaya aka ba ki amsa, "ruwa", ki karɓa da murna.

Sai katuna. Suna cikin ambulan a aljihun tebur, kowa zai sami biyu: shuɗi an rubuta KA, ja an rubuta KI. Ki sake kunna waƙar. Duk inda suka ji ana yi wa mace magana su ɗaga ja, inda ake yi wa namiji su ɗaga shuɗi. Nan ne za ki ga inda gizo ke saƙa. "Za ki" da "ba ki" ba sa ba su wuya. "Kin" da "miki" da "kika" su ne ke wucewa ba a ɗaga komai ba, domin ba su san duk 'yan gida ɗaya ba ne. Ki tsayar da waƙar a kan kowanne, ki maimaita da bakinki a hankali, ki nuna ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar: "Kin ce." Ki juya ga direba: "Ka ce." Kada ki ambaci shuɗaɗɗen lokaci ko wani sunan nahawu tukuna. Kunne ya fara sha, suna ya biyo baya.

Bayan nan ki raba musu baitocin a rubuce, su karanta tare da waƙar sau ɗaya. Daga nan sai aikin da na fi ba muhimmanci, ki ba shi minti 25 cur, ko da wani abu zai ragu: juya waƙar. Mata su ɗauki baitin namiji su faɗa wa maza, maza su ɗauki na mace su faɗa wa mata. Dole ke nan kowane wakilin suna ya sauya. Abin da ya kamata ki ji daga mata: "Ka ce za ka zo, na jira ka, rana ta faɗi, ba ka zo ba. Me na yi maka da ka guje ni?" Daga maza kuma: "Kin ce in zo. Ki daina kuka, masoyiyata." Ki bar su su yi ta tuntuɓe bibbiyu, ke kina zagayawa. Za ki ji wani ya ce "kin daina kuka" yana nufin roƙo. Ki tambaye shi: ta riga ta daina, ko so kake ta daina? Da kansa zai gano "kin" labarin abin da ya faru ne, "ki" kuwa umarni ne ko roƙo. A wajen namiji rubutun ɗaya ne, "ka", amma na labari dogo ne, murya a sama, na umarni gajere ne, murya a ƙasa. Ki furta musu "ka daina" iri biyun su ji da kunnensu.

"Kika" kuma kada ki zurfafa. Ya isa su san bayan "da" irin wannan, da kuma bayan kalmomin tambaya, "kin" kan koma "kika", "kun" ya koma "kuka", "sun" ya koma "suka". Ma'aikatan jinyar nan kullum "me kin ci?" suke tambayar marasa lafiya. Idan suka fita yau da "me kika ci?" da "yaushe kika fara jin ciwon?", ni kam buƙata ta biya.

Kalmomi ba su da yawa, amma akwai abu biyu a waƙar da zan ji haushi idan aka wuce su. Na farko, "rana ta faɗi" da "ruwa ya sauko". Na taɓa gaya musu yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, suka riƙe abin kamar aya. To ga ruwa ya ƙare da "a" amma namiji ne, haka gida, haka suna. Shi ya sa ake cewa zuciyata amma gidana, motata amma sunana. Na biyu, taho, sauko, fito. Wannan "o" ta ƙarshe tana jawo aikin zuwa inda mai magana yake. Ki tsaya a bakin ƙofa ki yi musu a aikace: fita da fito, shiga da shigo, koma da komo, kai da kawo, saya da sayo. 'Yan kasuwan za su kama shi nan take, don kullum suna aiken yaro ya sayo abu. Idan lokaci ya rage ki nuna musu "ba ta barci" ba ta da "ba" ta ƙarshe, saɓanin "ba ki zo ba". Suna yawan liƙa mata.

Yanzu ga inda waƙa ke iya cutar da ɗalibi, ki kula sosai. Mawaƙi kiɗa yake bi, yakan ɗaga inda magana ke sauka, ya ja wasalin da gajere ne. Yaron nan a "ka daina kuka" ya sauke ƙarshen kalmar, ta fito kamar kukar miya. Bahaushe zai gane daga ma'ana, ɗalibi kuwa haka zai haddace ya tafi da ita. Don haka doka ce a ajin nan: duk layin da aka rera, sai an kashe kiɗa an faɗe shi da muryar hira sau biyu. Ki ba su kuka na hawaye, sama da sama, da kuka ta bishiya, sama sannan ƙasa. Ki ƙara musu gari na mutane da gari na tuwo, su ji tsawon wasali. A "faɗi" da "ɗauka" kuma ki saurari ɗ ɗin, kiɗa na rufe ta, su kuwa "fadi" da "dauka" suke cewa. Daidai da ɗaiɗai kan taimaka.

Minti 15 na ƙarshe na cika alkawari ne. Kowa ya ɗauki ƙirar baitin farko ya zuba maganar aikinsa, ya faɗa wa na kusa da shi. Ga irin abin da nake fata: "Hajiya, kin ce za ki biya ran Juma'a, ba ki biya ba." "Alhaji, ka ce za ka aiko yaro, bai zo ba." "Kin sha maganin da na ba ki?" A nan ki tuna musu babba akan ce masa "ku" don girmamawa: "Baba, kun ce za ku dawo." Waƙar soyayya ba za ta koya musu wannan ba, kuma a kasuwa sun fi buƙatarsa.

Aikin gida: kowa ya saurari wata waƙar Hausa a rediyo ko a shagon maƙwabci, ya rubuto layi biyu da ya ji ana yi wa mace magana. Idan wani ya kawo "munka" ko "sunka", kada ki ce kuskure ne, Hausar Sakkwato da Zamfara ce, ki nuna masa "muka" da "suka" da muke rubutawa.

'Yar sifikar tana wajen maigadi tare da makullin aji. Ki yi mata caji tun daga gida, don da wuya a samu wuta a makarantar da yamma. Direban tanka yakan makara idan ya taso daga Hotoro, ki ajiye masa katunansa a kujerar bakin ƙofa. Ki rubuta mini sunayen waɗanda "kika" ta fi ba wuya, da su zan fara ran Talata.