Tsarin makarantar da za mu buɗe a Dorayi, don 'yan kwamiti

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga tsarin da kuka ce in rubuto bayan zamanmu na ranar Asabar, a duba shi da kyau kafin mu sake haɗuwa.

Makarantar furamare ce, aji shida, kowane aji yara 30, wato 180 ke nan in ta cika. Ta kuɗi ce amma ba ta neman riba ba, duk abin da ya yi saura cikin makarantar zai koma, ba wanda zai ɗauki ko sisi ya ce kasonsa ne. Gidan da muka gani na bayan masallacin Juma'a mai ɗaki takwas da tsakar gida, mai shi ya tsaya a kan 900,000 a shekara.

Kuɗin makaranta kashi uku ne. Yara 90 cikakken kuɗi, 30,000 a zango. Yara 60 rabi, 15,000. Sauran 30 ɗin kyauta, marayu da 'ya'yan waɗanda kowa ya san ko na cefane da ƙyar suke samu. In kowa ya biya, 3,600,000 za ta shigo duk zango.

To ga inda za ta tafi. Malamai bakwai da hedimasta, kowa 70,000 a wata, daidai da mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa a 2024, kuma har watan hutu za mu biya don malami ba ya daina cin abinci a hutu, shi ya sa na lissafa wata huɗu a kowane zango, 2,240,000. Na san wasu za su ce ai makarantun unguwa ba sa ba da haka, gaskiya ne, shi ya sa ma yaro sai ya canja malamin lissafi sau uku a shekara. Maigadi da mai shara 400,000. Haya 300,000. Alli, ruwa, takardun jarrabawa da 'yan gyare-gyare 350,000. Duka 3,290,000, saura 310,000.

Amma fa wannan lissafin takarda ne. Ba zangon da kowa zai biya, wani kasuwa ce za ta tsaya masa, wani matarsa ce za ta haihu ga ragon suna, wani kuma kawai sai ya riƙa zagayawa ta wani lungun in ya hango hedimasta. In kashi goma cikin ɗari bai shigo ba to 360,000 ta tafi, mun ma shiga giɓin 50,000. Don haka za a bari a biya kaɗan-kaɗan, mai niƙa ko mai ƙosai da ke biyan rabi ta kawo 1,500 duk Juma'a a rubuta mata a kati, mako goma ta gama. Sannan da yamma azuzuwan ba za su zauna haka nan ba, za a yi ajin yaƙi da jahilci na matan aure da ɗan kuɗi kaɗan, yunifom kuma matan unguwa ne za su ɗinka makaranta ta samu wani abu a kai.

Tallafi kuwa muna so, amma ba a kansa za mu jingina albashi ba. Muna neman mutum goma cikin 'yan uwanmu na Kantin Kwari da Singa kowa ya ɗauki nauyin maraya ɗaya, 30,000 a zango. In ta samu alhamdulillahi, a sayi littattafai a fara tara na fili. In wani ya janye, yaron ba zai koma gida ba tunda dama da shi aka yi lissafin. Batun zakka mu fara jin ta bakin Liman tukuna.

Zaɓen masu rabi da masu kyauta shi ne inda rigima take. Mutum uku ne za su yi, wakilin mai unguwa, Liman da uwa ɗaya daga cikin iyaye, su je gidan su gani da idonsu, kuma duk shekara a sake dubawa. Ɗan ɗan kwamiti ba ya shiga kyauta, har da nawa. Sunayen kuma a wajen hedimasta da ma'aji kawai za su tsaya, yunifom iri ɗaya, benci ɗaya, kar in ji ranar da malami zai ce 'yan kyauta su miƙe. Korar yara saboda kuɗi ma babu, uba za a kira.

Jarin farawa, mu ashirin kowa 100,000, bashi ne ba ruwa, za a fara mayarwa bayan shekara biyu in hali ya yi. Cikin miliyan biyun za a biya hayar shekarar farko, sauran kuɗin kuma na bencuna ne, alluna, gyaran banɗaki, rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da neman izini a hukumar makarantu masu zaman kansu ta jihar Kano. Asusun banki sai da sa hannun mutum biyu, kuma ƙarshen kowane zango za a manna lissafi a bakin ofis kowa ya karanta.

Mai gyara ya zo da shi a rubuce ranar Asabar bayan la'asar, ma'aji kuma don Allah a taho da littafin rasit.